Idan Babban Banki Ya Shiga Kasuwa Sayen Takardun Lamuni, Ina Kuɗin Ke Zuwa?

Duk sanda aka ji a labarai cewa babban banki ya sayi takardun lamuni na biliyoyin kuɗi, maganar da ke fara fitowa bakin mutane ita ce "sun buga kuɗi kenan, kaya za su tashi". Akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma maganar ta tsallake matakai da yawa, kuma a waɗannan matakan ne abin ke iya tafiya yadda aka so ko ya maƙale a hanya. Abu uku ne ake cewa sayen yana taɓawa, wato ajiyar bankuna a babban banki, kuɗin ruwa, da yawan kuɗin da ke hannun jama'a. Na farkon tabbas ne, ranar da aka yi cinikin yake faruwa. Na biyun yawanci yana faruwa amma girmansa ya danganta da halin da aka samu bankuna a ciki. Na ukun kuwa ba a hannun babban banki kaɗai yake ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Takardar lamuni ba komai ba ce illa shaidar bashi. Gwamnati ta karɓi kuɗinka ta ba ka takarda cewa rana kaza za ta biya ka kaza. A Najeriya ofishin kula da basussuka DMO ne ke fitar da na gwamnatin tarayya, masu saye kuma yawanci bankuna ne da kamfanonin fansho da na inshora. Wanda ya saya ba dole ne ya riƙe har ranar biya ba, yana iya sayar wa wani a kasuwa, toh wannan kasuwar ta hannu na biyu ita babban banki ke shiga ya saya. Ka riƙe wannan don yana da bambanci da bai wa gwamnati bashi kai tsaye, irin wanda babban bankin Najeriya CBN ya yi ta ba gwamnatin Buhari har ya kai naira tiriliyan 22.7 aka mayar da shi takardun lamuni a 2023. A wancan gwamnati ce ke samun sabon kuɗi ta kashe, a wannan kuwa gwamnati ba ta samun ko sisi, wanda ke riƙe da takardar ne kawai ya canza.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi, lambobin na ƙirƙira ne don lissafi ya yi sauƙi. A ce CBN ya sayi takardu na naira biliyan 10 daga hannun wani bankin kasuwanci. Da me zai biya? Ba a ɗauko kuɗi a buhu, babu motar kuɗi da za ta tashi daga Abuja. Kowane banki yana da akawun a CBN kamar yadda kai kake da akawun a bankinka, kuma abin da ke cikin wannan akawun ɗin shi ake kira rizab. Ma'aikaci ne zai shigar da lamba a kwamfuta, akawun ɗin bankin ya ƙaru da biliyan 10, takardun su koma sunan CBN, shikenan. Wannan biliyan 10 ɗin ba daga aljihun kowa aka ciro ta ba, jiya babu ita yau akwai ta, kuma babban banki ne kaɗai ke da ikon yin haka. Amma ka lura bankin bai yi arziki ba, da yana da takarda ta biliyan 10 yanzu yana da rizab na biliyan 10, dukiyarsa na nan yadda take siffarta ce ta canza. Kuma babu wani kwastoma ko ɗaya da ya ga alat. In da za ka ƙirga kuɗin da ke hannun jama'a a daren nan, tsaba da abin da ke akawun ɗinsu, za ka samu bai motsa ba ko da kwabo.

Yanzu canza mai sayarwar. A ce kamfanin fansho ne ya sayar, ba banki ba. Kamfanin fansho ba ya biyan kuɗi ko karɓa ta akawun na rizab, ta bankinsa ake bi. CBN zai zuba biliyan 10 a rizab ɗin bankin, shi kuma bankin ya rubuta biliyan 10 a akawun ɗin kamfanin fanshon. A nan abu biyu sun tashi lokaci guda, rizab ya ƙaru kuma kuɗin ajiyar kwastoma ya ƙaru, ma'ana yawan kuɗi a ƙasa ya hau da biliyan 10 tun kafin wani ya ci bashi. Shi ya sa tambayar "daga hannun wa aka saya" ba ƙaramar tambaya ba ce, ko da yake a labarai ba ka cika jin an yi ta ba.

Akwai wani abu game da rizab da ya kamata ya zauna a kai sosai. Banki ba zai iya miƙa wa ɗan kasuwa rizab ba, domin ɗan kasuwa ba shi da akawun a CBN. Rizab tsakanin bankuna yake yawo. Ka yi taransifa daga bankinka zuwa bankin wani, a bayan fage rizab ne ke tashi daga akawun ɗin wannan banki ya sauka a na wancan, jimillar kuwa tana nan. Kowane banki zai iya ƙoƙarin rabuwa da nasa rarar amma duk inda ya tura ta wani bankin ne zai karɓa. Hanyoyin da rizab ke fita daga tsarin baki ɗaya 'yan kaɗan ne, ko mutane su cire tsabar kuɗi, ko a biya gwamnati haraji kuɗin ya shiga asusunta na bai-ɗaya da ke CBN, ko bankuna su sayi dala a hannun CBN, ko shi babban bankin ya dawo ya sayar da takardu ya kwashe abinsa.

Toh daga nan sai maganar kuɗin ruwa, kuma ta hanya biyu sayen ke taɓa shi.

Hanya ta farko ita ce farashin takardar kanta. Ka ɗauka akwai takarda da za ta biya naira 1,000 nan da shekara guda. In ka saye ta a 850, ribarka 150 ce a kan 850, wajen kashi 17.6 cikin ɗari kenan. Sai ga babban mai saye ya shigo kasuwa wanda kuɗinsa ba ya ƙarewa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kasuwar Dawanau ke yi idan wani babban dila ya aiko a tara masa masara tirela-tirela ya san abin da zai biyo baya, masu kaya za su riƙe, farashi ya ɗaga. Takardar ta koma 900. Abin da za ta biya a ƙarshe bai canza ba, 1,000 ɗin ce dai, saboda haka wanda ya saya yanzu ribarsa 100 ce a kan 900, kashi 11.1. Babu wanda ya fito ya yi sanarwar rage kuɗin ruwa, tashin farashin ne da kansa ya sauke shi. Kullum haka suke, farashin takarda ya hau ruwanta ya sauka, ya sauka ruwanta ya hau. Kuma da yake bashin gwamnati shi ne ma'aunin da ake gwada sauran basussuka da shi, in nasa ya sauka kamfanin da ke son fitar da tasa takardar ma zai samu sauƙi, kamfanin fanshon da ya sayar kuwa yanzu yana riƙe da biliyan 10 da ba ta kawo masa komai, dole ya nemi inda zai sa ta, ko hannun jari ko takardun kamfanoni, sai su ma farashinsu ya motsa.

Hanya ta biyu ita ce kasuwar da bankuna ke ranta wa juna rizab na kwana ɗaya. Kowace yamma akwai bankin da kwastomominsa suka tura kuɗi waje da yawa ya wayi gari da giɓi, akwai kuma wanda ya samu rara, sai mai giɓi ya ara a wajen mai rara a biya gobe. In rizab ya yi ƙaranci masu nema sun fi masu bayarwa yawa, ruwan ya yi sama. An zuba biliyan 10 sabuwa, masu rara sun ƙaru, ruwan ya sauko. Sai dai saukar tana da iyaka, domin babban banki da kansa yana biyan wani ruwa ga bankin da ya kwana da rararsa a wajensa, a Najeriya ana ce wa wannan taga SDF kuma ruwanta yana ƙasa da MPR, wato babban ma'aunin kuɗin ruwa da CBN ke sanarwa. Babu bankin da zai ba ɗan'uwansa bashi a ƙasa da abin da CBN zai ba shi ba tare da wani haɗari ba. Da zarar ruwan kasuwa ya sauko ya taɓa wannan ƙasan, ko ka ƙara zuba tiriliyan ba zai ƙara sauka ba, rizab zai taru ne kawai.

Abin da ya faru a Amurka a Satumban 2019 ya nuna ɗaya ɓangaren, wato yadda abin ke da kaifi idan rizab ya yi ƙaranci. Babban bankin Amurka Fed ya ɗauki lokaci yana rage takardun da ke hannunsa, rizab ya sauko zuwa wajen dala tiriliyan 1.4, kowa na ganin ai wannan ya isa har ya yi yawa. A tsakiyar watan sai ranar biyan harajin kamfanoni ta haɗu da ranar biyan kuɗin sababbin takardun gwamnati, kuɗi suka fita daga bankuna zuwa asusun gwamnati a lokaci guda. Ranar 17 ga wata ruwan bashin kwana ɗaya da ake bayarwa da jinginar takardu ya yi tsalle, wasu cinikayyar har kashi 10, alhali Fed yana son ruwansa ya tsaya tsakanin 2 da 2.25. Dole reshen Fed na New York ya shigo yana zuba kuɗi kullum, a Oktoba kuma aka fara sayen takardun gwamnati masu gajeren zango na dala biliyan 60 duk wata, kasuwar ta lafa.

Saura na ukun, yawan kuɗi a hannun jama'a. A aji ana koyar da shi da wani lissafi mai daɗin ji. Doka ta ce banki ya kulle wani kaso na kuɗin ajiyar kwastomomi a babban banki, shi ne CRR. Mu ɗauki kashi 45, adadin da CBN ya sa wa bankunan kasuwanci a Fabrairun 2024 kafin ya ƙara shi zuwa 50 a Satumbar shekarar. Biliyan 10 ta kamfanin fansho ta shigo, an kulle 4.5, saura 5.5. Bankin ya ba wani mai masana'antar shinkafa bashin 5.5, shi kuma ya biya masu kawo masa shanshera, kuɗin suka sauka a wani banki, can ma a kulle kashi 45, a ba da sauran wajen biliyan 3, haka dai yana ta raguwa. In ka tara duka sai ka samu 10 ÷ 0.45, wajen biliyan 22.2. A littattafan Amurka da kashi 10 ake misalin, shi ya sa amsarsu ke fitowa ninki goma, a nan gida kuwa da ƙyar ya wuce ninki biyu, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda CRR ɗinmu ke da nauyi.

Matsalar ita ce mutane na ɗaukar wannan 22.2 a matsayin abin da zai faru, alhali shi ne iyakar abin da zai iya faruwa in komai ya tafi daidai, kuma komai ba ya tafiya daidai. Masu shansheran nan da yawansu manoma ne da dillalai a ƙauye, kuɗi na shiga za su je wajen mai POS ko banki su cire tsaba, kuma duk nairar da aka cire ta fita daga rizab, sarƙar ta tsinke a nan. Ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, lokacin da Emefiele, gwamnan CBN na wancan lokacin, ya sanar da canjin kuɗi a Oktoban 2022 ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Sannan shi mai masana'antar in injin yake son shigowa da shi dala zai nema, in kuma daga CBN dalar ta fito nairar ta koma inda ta fito kenan.

Wanda ya fi duka girma shi ne, waye ya ce bankin zai ba da bashin? A zahiri manajan banki ba ya duba rizab da safe ya ce yau muna da rara a kira masu neman bashi. Abin da yake dubawa shi ne wannan mutumin zai iya biya, yana da jingina, ribar ta kai haɗarin, kuma jarin bankin zai iya ɗaukar ƙarin bashi. In amsar eh ce zai bayar, ya rubuta kuɗin a akawun ɗin kwastoma, rizab ɗin ya neme shi daga baya a kasuwar bankuna. In amsar a'a ce ko ka cika shi da rizab zai kai SDF ne ya kwana ya karɓi ruwansa hankali kwance. A ganina wannan shi ne wajen da lissafin aji ya fi ɓatar da ɗalibai, yana sa su ɗauka rizab ne ke tura bashi, alhali yawanci samuwar masu cin bashi nagari ce ke ja.

Amurka ta gwada wannan sau biyu kuma sakamakon ya sha bamban. Kafin rikicin 2008 rizab ɗin bankunanta gaba ɗaya bai kai dala biliyan 50 ba. Fed a ƙarƙashin Ben Bernanke ya shiga saye zagaye bayan zagaye, zuwa 2014 rizab ya haura tiriliyan 2.5, ya ninka fiye da sau hamsin. In da lissafin aji gaskiya ne yadda ake karanta shi da kuɗi sun cika ƙasar har sun zama takardar banza, kuma akwai masana da suka yi ta gargaɗin hakan a lokacin. Amma ma'aunin kuɗin jama'a da ake kira M2 daga wajen tiriliyan 8 ya tashi zuwa 11 da wani abu a waɗannan shekarun, bai ko ninka sau biyu ba, hauhawar farashi kuma yawancin lokacin ƙasa da kashi 2 ta tsaya. Dalili kuwa bankuna sun ƙone a bashin gidaje suna tsoron bayarwa, magidanta suna fama da biyan tsohon bashi ba sa neman sabo, ga shi tun Oktoban 2008 Fed ya fara biyan ruwa a kan rizab, sai kuɗin suka zauna inda aka zuba su. Inda sayen ya yi aiki shi ne ta hanyar farashi, ruwan basussuka masu dogon zango ya sauka, hannun jari ya tashi.

A 2020 kuwa da korona ta zo, Fed ya sake saye da gudu, abin da ke hannunsa ya tashi daga wajen tiriliyan 4.2 a farkon Maris zuwa 7 cikin watanni uku, ya ma soke dokar kulle kaso gaba ɗaya ya mayar da ita sifili. Wannan karon M2 ya ƙaru da kusan kashi 25 a shekara guda. Me ya bambanta? Gwamnati ce ta ci bashin tiriliyoyi tana tura wa mutane kuɗi kai tsaye a akawun, cekin dala 1,200 da tallafin marasa aiki da bashin ƙananan kamfanoni, shi kuma Fed yana bayanta yana kwashe takardun daga kasuwa don kada ruwa ya tashi. Kuɗin ba su jira manajan banki ya amince ba, kai tsaye suka shiga hannun masu kashewa. Zuwa Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1, ko da yake tsadar mai da tsaikon jigilar kaya su ma sun taka rawa.

A Najeriya ba ka cika ganin CBN yana irin wannan sayen ba, akasinsa ya fi yi, yana sayar da nasa takardun da ake ce wa OMO don ya kwashe naira daga kasuwa. Amma ranar da waɗannan takardun suka nuna aka biya masu su ba tare da an sayar musu da sababbi ba, tasirin ɗaya ne da saye, takarda ta koma babban banki rizab ya fito. Mun ga haka ƙarara bayan Oktoban 2019 da CBN ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida da ba bankuna ba, har da na fansho, sayen OMO. Tsofaffin takardunsu suka yi ta nuna, kuɗi na dawo musu ba inda za su mayar, sai duk suka yi ca a kan takardun baitulmali, wato takardun gwamnati masu gajeren zango. Ruwan da a da yake sama da kashi 10 ya rufto, zuwa ƙarshen 2020 ya koma ƙasa da kashi 1, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 14. Kasuwar hannun jari ta Legas ta tashi da kashi 50 a shekarar da tattalin arziki ya shiga karayar da korona ta jawo, dala kuma ta yi ta tsada a hannun 'yan canji. Ɗan kasuwan Kantin Kwari da ya je neman bashi kuwa jinginar da ake tambayarsa a da ita aka ci gaba da tambayarsa.

Saboda haka in ka ji sanarwar saye, akwai inda za ka leƙa ka gane ko ya yi aiki. Ruwan bashin kwana ɗaya tsakanin bankuna shi ke fara amsawa, a ranar ko washegari. Ruwan takardun gwamnati a gwanjo na gaba shi ne na biyu. Yawan kuɗin jama'a da bashin da ake ba 'yan kasuwa kuwa sai bayan watanni suke nunawa a alƙaluman da babban banki ke fitarwa. In ka ga abin da bankuna ke kwantarwa a SDF kullum yana kumbura amma bashin 'yan kasuwa bai motsa ba, kuɗin sun tsaya a mataki na farko. In kuma bashin bai motsa ba amma canjin dala a Wapa ko Zone 4 ya fara hawa, toh sun fito, sai dai ba ta ƙofar da aka buɗe musu ba, kuma galibi ba a daɗewa za ka ji CBN ya sanar da gwanjon OMO don ya kwashe su.